Malamina ya ce rubutuna hirar fada ce, da na gyara ya ce ban faɗi komai ba

Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni ɗaliba ce a Yamai, ina shekara ta uku a jami'a, asalina kuwa daga wajen Galmi ne a jihar Tawa. An ba mu aikin rubuta maƙala da Hausa, shafi goma, sai na zaɓi matsalar sayar da albasa a garinmu, domin da ita mahaifina ya yi mini karatu. Na yi hira da manoma a lokacin hutu, na rubuta abin da na ji. Malaminmu ya dawo mini da takardar cike da jan biki, ya rubuta a kanta cewa wannan hirar fada ce, ba rubutun ilimi ba. Wata ƙawata ta ce in riƙa sa "wataƙila" da "mai yiwuwa" a ko'ina, in kuma canza kalmomin gida da manyan kalmomi. Na yi haka, amma da na mayar sai ya ce yanzu ban faɗi komai ba. Gaskiya raina ya ɓaci, domin ina ganin kamar ana so in yi shakkar wahalar da na gani da idona a gidanmu. Na haɗo maka da shafuka uku na kowane rubutu da takardar hirarrakina. Saura mako uku in miƙa. Yaya zan yi?

Wata ɗaliba, Yamai

Wa alaikumus salam, ƴata. Na karanta shafukan nan shida da takardar hirarrakinki sau biyu, kuma zan fara da abin da ya fi damun ki, domin idan ba a kawar da shi ba sauran maganar ba za ta shiga ba. Malaminki bai nemi ki yi shakkar wahalar mahaifinki ba. Abin da yake nema shi ne kowace jimla ta ɗauki nauyin da hujjarki za ta iya ɗauka, kada ta wuce, kada kuma ta gaza. A rubutun farko kin ɗora wa hujjar kayan da suka fi ƙarfinta, a na biyu kuma kin sauke mata komai har da abin da take iya ɗauka cikin sauƙi. Shawarar ƙawarki tana da tushe, domin sassauta ikirari da sauya kalmomin hira suna cikin aikin da ake yi wa rubutun jami'a, amma ta ba ki magani ba ta gaya miki awo ba.

Mu fara da abin da ke hannunki, domin daga nan ake auna komai. Takardarki ta nuna kin yi hira da manoma 18 a ƙauyuka biyu cikin watan Agusta. Daga cikinsu 13 sun ce sun sayar da albasarsu gaba ɗaya kafin wata guda ya cika da cirarta, kuma 9 daga cikin 13 ɗin sun ambaci bashin taki da na man injin ban-ruwa a matsayin dalili, sauran 4 suka ce tsoron ruɓewa ne. Mutum 5 sun adana a rudu, wato ɗakin ajiyar albasa, uku daga cikinsu suka ce kamar kashi ɗaya cikin uku ya lalace, biyu suka ce abin bai kai haka ba. Ba ki yi hira da ɗan kasuwa ko dillali ko ɗaya ba, kuma farashin da kika rubuta daga bakin manoma kika ji shi, watanni bayan cinikin. Wannan hujja ce ta kirki ga aikin shekara ta uku, kuma ɗalibai da yawa ba su zuwa da ko rabinta. Sai dai tana da iyaka, kuma aikin sassautawa shi ne nuna wa mai karatu inda iyakar take.

Ga jimlar da kika buɗe rubutun farko da ita: "Kowa ya san ƴan kasuwa ne ke cutar manoman Galmi, suna saye albasa a banza su bar talaka hannu Rabbana." Idan aka faɗi wannan a gindin bishiya bayan la'asar babu wanda zai musa, domin duk masu sauraro sun san labarin. Mai karanta maƙala kuwa bai zauna a wurin ba, kuma haƙƙinsa ne ya tambayi kowace kalma daga ina ta fito. "Kowa ya san" ba ya nuna masa kowa, yana dai gaya masa cewa idan ya yi tambaya shi ne jahili. "Manoman Galmi" ya haɗa dubban mutane, alhali kin ji daga 18. "Cuta" hukunci ne a kan niyyar mutanen da ba ki saurara ba.

Akwai kuma wurare biyu da ikirari ya ɓuya a cikin ginin Hausar kanta, kuma su ne na fi so ki lura da su, domin jan biki ma ba kullum yake kama su ba. Na farko shi ne wannan ƙaramar kalma "ne". Idan kika ce "ƴan kasuwa ne ke jawo asara", kin ware su ke nan daga duk wani dalili, kin ce su ne, ba bashi ba, ba rashin wurin ajiya ba, ba cikar kasuwa a lokaci guda ba. Amma takardarki da kanta ta nuna bashi da tsoron ruɓewa, wato jimlarki tana faɗa da hujjarki. Na biyu shi ne aikatau mai ƙarewa da wasalin "e" wanda ke nuna an gama da abu kakaf. Tsakanin "sun sayi albasa" da "sun saye albasa" akwai tazara babba, kamar yadda take tsakanin "ya ci" da "ya cinye". Wanda ya ce "sun saye" ya ce ba a bar ko buhu ɗaya ba, ga shi kuwa mutum biyar cikin waɗanda kika tambaya sun ajiye tasu. Duk lokacin da kika rubuta "cinye", "kwashe", "saye" ko "ƙare", ki tsaya ki tambayi kanki ko da gaske duka kike nufi.

A rubutu na biyu jimlar ta koma haka: "Wataƙila mai yiwuwa ne a iya cewa da alama wasu daga cikin masu hada-hadar kasuwanci suna iya kasancewa da tasiri a kan al'amuran manoma." Na ƙirga kalmomin sassautawa shida a jimla guda, kuma bayan an cire su babu abin da ya rage sai cewa ƴan kasuwa suna da wata alaƙa da manoma, abin da ba ya buƙatar a je Galmi kafin a sani. A nan ne malaminki ya ce ba ki faɗi komai ba, kuma ina ganin bai zalunce ki ba. Hanyar gane irin wannan jimla mai sauƙi ce: ki tambayi kanki ko akwai wani abin da zai iya faruwa a duniya ya ƙaryata ta. Idan babu, to ba ta ɗauke da labari.

Kuskuren ya samo asali daga ɗaukar kalmomin sassautawa kamar duk abu ɗaya ne, alhali kowace tana amsa tambaya dabam. Wasu suna magana a kan yawa, kamar "wasu", "mafi yawan", "galibi", "kimanin", da kuma "kan" ta sabo, wadda ke cewa abu yakan faru ba tare da ta ce kullum ba. Wasu suna magana a kan wanda ya faɗa, kamar "a cewar manoman" ko "bisa ga abin da suka shaida". Wasu kuma suna magana a kan ƙarfin tabbacin marubuci, kamar "da alama", "mai yiwuwa" da "wataƙila". Kafin ki ɗauki ɗaya, ki fara gano abin da ba ki da tabbas a kansa. Idan shakkarki a kan yawan mutanen ne, "wataƙila" ba za ta warkar da ita ba, adadi ne zai warkar. Idan maganar ba taki ba ce, sai ki mayar da ita ga mai ita. Sai idan kina fassara dalilin abu da kanki ne kike buƙatar "da alama" ko "mai yiwuwa", kuma ɗaya ta isa ga ikirari ɗaya.

To, ga yadda zan raba waccan jimla gida uku, kowane gida da nasa awo. Na farko abin da kika ƙirga ne, kuma ba a sassauta shi ko kaɗan: "Daga cikin manoma 18 da aka yi hira da su, 13 sun sayar da albasarsu gaba ɗaya cikin wata guda bayan cira." Babu "wataƙila" a nan, domin ke kika tambaya, ke kika rubuta. Na biyu abin da aka gaya miki ne, sai ki jingina shi ga masu shi: "Tara daga cikinsu sun danganta hakan da bashin taki da na mai, wanda a cewarsu ake binsu da zarar an cire albasa." Na uku fassararki ce, kuma a nan kaɗai ake sassautawa: "Wannan yana nuna alamar cewa a waɗannan ƙauyuka biyu bashi yana rage wa manomi ikon jiran farashi ya tashi, abin da kan ba mai saye rinjaye a ciniki." Ki duba da kyau, ƴata, wahalar mahaifinki ba ta ɓace ba. Ta ma fi fitowa, domin yanzu mai karatu ya ga igiyar da ta ɗaure manomi, kuma ɗan kasuwar da zai karanta ba zai iya cewa ƙarya kika yi masa ba. Jimlar farko ana iya ture ta da misalin ɗan kasuwa ɗaya mai adalci, amma waɗannan ukun sai an koma ƙauyukan an sake ƙirgawa.

Ina ba ki shawara ki bar adadin yadda yake, 13 cikin 18, kada ki mayar da shi kashi 72 cikin ɗari. Lissafin daidai ne, amma kashi cikin ɗari yana sa mai karatu ya zaci mutane ɗaruruwa aka tambaya, kuma idan mutum biyu kawai suka canza amsa adadin zai motsa da fiye da kashi goma. Wannan ma wani nau'i ne na zarce hujja, ko da yake yana sanye da rigar ilimi.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne maganar dalili, kuma jimlarki ta rudu misali ce mai kyau. Kin rubuta: "Wanda ya zuba a rudu kuwa rabi da kwata sai ta ruɓe, ya tashi a tutar babu, saboda rudu ba ya riƙe albasa." Da farko, babu ko mutum ɗaya a takardarki da ya ce rabi da kwata, mafi yawan abin da aka faɗa miki kashi ɗaya cikin uku ne, kuma bakin magana ne ya ja ki. Na biyu, "saboda" kalma ce mai tsada. Ke da kika tashi a gonar albasa kin san abubuwan da ke sa ta ruɓe a ajiya suna da yawa: idan aka ci gaba da ban-ruwa har gab da cira, ko aka cika mata takin zamani a ƙarshen girmanta, ko aka zuba ta wuyanta bai bushe ba, ko ta ƙuje wajen cira da ɗauka, ko laimar damina ta shiga, duk tana lalacewa ko a ina aka ajiye ta. Ba ki tambayi mutanen nan biyar yaushe suka tsayar da ruwa ba, ba ki kuma kwatanta rudu da wani irin ɗakin ajiya ba. Saboda haka abin da za ki iya rubutawa shi ne: "Uku daga cikin manoma 5 da suka adana a rudu sun kiyasta asararsu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Mai yiwuwa yanayin rudun yana da hannu a ciki, sai dai wannan bincike bai duba lokacin tsayar da ban-ruwa da yawan taki ba, waɗanda su ma suna shafar daɗewar albasa." Wannan "mai yiwuwa" tana da aiki, domin jimlar da ke biye da ita ta faɗi dalilin shakkar. Ki riƙe wannan a matsayin gwaji: duk inda kika sassauta, idan malami ya ɗora yatsa a kai ya ce "me ya sa ba ki tabbata ba?", ya kamata amsar ta kasance a bakinki. Idan babu amsa, ko dai ki cire sassaucin ko ki cire ikirarin.

Na taɓa zama a zauren da wani ɗalibi yake kare kundinsa, mahaifiyarsa da ƙannensa suna zaune a baya cikin kayan salla. Ɗaya daga cikin malaman ya buɗe shafi, ya karanta "mutane da yawa suna ganin", sannan ya cire tabarau ya tambaye shi a hankali, "Da yawa ɗin nan, su nawa ne?" Yaron ya juya takardu yana nema, zauren ya yi shiru, daga ƙarshe ya ce mutum huɗu ne. Aikinsa ba mummuna ba ne, kuma da ya rubuta huɗu tun farko babu wanda zai tsaya a wurin. Tun daga ranar nake gaya wa ɗalibai su bi "da yawa", "akasari" da "ana cewa" ɗaya bayan ɗaya, su rubuta adadi ko sunan littafi a gefen kowanne.

"Ana cewa" tana da hatsari na musamman, domin tana kama da tawali'u alhali ɓoye mai magana take yi. Ƴar'uwarta "wai" ta fi ta illa, kuma na gan ta sau huɗu a shafukanki. A bakin Bahaushe "wai" ba ta tsaya ga isar da labari ba, tana ɗauke da ɗan murguɗa baki, tana cewa ni dai ban yarda ba. Da kika rubuta "wai dillalai suna cewa kuɗin mota ne ya yi yawa", kin riga kin yanke musu hukunci. Ki rubuta "manoma uku sun ce dillalai kan kafa hujja da tsadar sufuri", sannan idan kina da dalilin ƙin yarda ki kawo shi a fili a jimla ta gaba. Haka nan ki kula da aikatan da kike gabatar da maganar wasu da su. "Ya tabbatar" yana nufin kin yarda an gama magana, "ya nuna" yana kusa da shi, "ya bayyana" da "ya ce" ba su ɗaukar ɓangare, "ya yi iƙirari" kuma yana nisanta ki da maganar. Kada ki riƙa sauya su don gudun maimaici kawai, domin kowanne yana gaya wa mai karatu matsayinki.

Yanzu sai maganar kalmomin hira, inda nake ganin shawarar ƙawarki ta fi yi miki ɓarna. Kin mayar da "ƴan kasuwa" zuwa "masu hada-hadar kasuwanci", "bashi" zuwa "ƙalubalen tattalin arziki", "albasa ta yi arha" zuwa "an samu sauye-sauye a fannin farashi". Dukansu sun fi na farko tsawo, kuma dukansu sun fi na farko duhu. "Bashi" cikakkiyar kalma ce wadda alƙali da malami da manomi duk suke amfani da ita, babu abin da ya same ta. Abin da ke sa magana ta zama ta hira shi ne ta dogara da abin da mai sauraro ya riga ya sani, ko ta nuna zafin zuciya a gurbin awo. Saboda haka idan za ki sauya kalma, ki nemi wadda ta fi ta daidaito, ko da ta fi ta gajarta.

Ki ɗauki "farashi ya faɗi warwas". Kalmomin amsa-kama irin su "warwas", "tinjim", "kaca-kaca" da "maƙil" suna cikin abin da ya fi daɗi a harshenmu, kuma a labari ko waƙa ba ni yarda a taɓa su. A maƙala kuwa "warwas" tana gaya mana yadda abin ya yi ciwo, ba ta gaya mana daga nawa zuwa nawa ba. Takardarki tana da amsar: manoman sun ce sun sayar da buhu wajen jika goma sha biyu a watan Afrilu, kuma sun ji ya haura jika talatin da damina ta yi nisa. Sai ki rubuta: "A cewar manoman, an sayar da buhu a kan kimanin sefa 12.000 a watan Afrilu, ya kuma haura sefa 30.000 a watan Agusta." Ki lura na mayar da jika zuwa sefa da lambobi, domin mai karatu daga Kano ko Kumasi ba lalle ne ya san jika sefa dubu ce ba, balle lissafin dala wanda ake ninkawa biyar. Ki kuma faɗi wane irin buhu ne da kimanin nauyinsa, tun da kin san buhun da ake ɗinka wa hula a kai ba ɗaya yake da wanda aka ɗaure bakinsa ba. "A banza" da "a tutar babu" da "hannu Rabbana" duk hanyarsu ɗaya: ki tambayi kanki mene ne ainihin abin da ya faru, ki rubuta shi. Idan nufinki shi ne kuɗin da aka samu bai wuce biyan bashi ba, to wannan ita ce jimlar, kuma ta fi "hannu Rabbana" sosa rai.

Karin magana kuma ba ya zama hujja. Kin rufe wani sakin layi da "kifi na ganinka mai jar koma", kina nufin manoma sun gane dabarar dillalai. Karin magana yana rufe muhawara ne ta hanyar kiran hikimar magabata, maƙala kuwa tana son a bar ƙofa a buɗe ga mai ja. Amma idan wani manomi ne ya faɗe shi a hira, ki kawo shi a matsayin maganarsa, domin a lokacin ya zama shaida a kan yadda mutanen suke kallon al'amarin.

Wannan ya kawo ni ga abin da bai kamata ki taɓa ba. Na ga a rubutu na biyu kin gyara maganganun manoman da kansu, kin mayar da dattijon da ya ce "albasa ta hwaɗi, mu kau bashi na bisa wuyanmu" yana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ki mayar masa da bakinsa. Abin da ke tsakanin alamun zance nasa ne, da Adarancinsa da komai, kuma canza shi rashin amana ne ga hujja. Haka nan "rudu" ba kalmar hira ba ce, sunan abu ne wanda ba shi da wani suna da ya fi shi, kuma da kika maye shi da "ma'ajiyar gargajiya" kin haɗa shi da rumbu da sito da duk wani abin ajiya. Ki bar shi rudu, ki bayyana shi da jimla ɗaya a karon farko, da abin da ake yin sa da yadda ake ɗaga shi daga ƙasa don iska ta ratsa, daga nan ki ci gaba da kiran sa da sunansa. Abubuwan da aka sani tabbas su ma ba a sassauta su. Galmi tana kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, kuma albasarta ta yi suna har ana kai ta Gana da Kodibuwa, babu "da alama" a cikin wannan.

Domin kada ki riƙa neman afuwa a kowane layi, ki ware sakin layi ɗaya kusa da farko ki faɗi iyakokin aikin gaba ɗaya: mutum 18, ƙauyuka biyu, wata ɗaya, babu ɗan kasuwa a cikin waɗanda aka tambaya, farashi daga tunawar manoma yake. Ki ƙara da abin da na hango a takardarki ko da yake ba ki faɗa ba, wato mafi yawansu ta hannun mahaifinki kika same su, saboda haka mai yiwuwa yanayinsu ya yi kama da nasa. Faɗin wannan ba zai rage miki maki ba, malamai sun fi amincewa da ɗalibin da ya riga su ganin raunin aikinsa. Da zarar wannan sakin layi ya zauna, sauran jimlolinki sun sami ƴancin tsayawa da ƙafafunsu, "a waɗannan ƙauyuka" ko "cikin waɗanda aka tambaya" ya ishe su.

Game da mako ukun da suka rage, ki koma kan rubutun farko, ki ajiye na biyu, domin a na farko ne abin da kike son faɗa yake da rai. Ki buga shi a takarda, ki bi shi jimla jimla, ki sa wa kowace alama a gefe: wadda kika ƙirga ko kika gani da idonki, wadda aka gaya miki ko kika karanta, da wadda ke ce kika fassara. Ta farko ki ba ta adadi ki bar ta tsaye, ta biyu ki jingina ta ga mai ita, ta uku ki ba ta sassauci ɗaya tare da dalilinsa. Jimlar da ta ƙi shiga ko ɗaya cikin ukun, galibi ita ce ta fada, sai ki nemo mata hujja ko ki sallame ta. Wannan aiki zai ci miki kwana huɗu ko biyar a shafi goma. Bayansa ne za ki bi ta kan kalmomi, domin idan kika fara da kalmomi za ki ɓata lokaci kina yi wa jimlar da za a cire kwalliya. Idan kuma da hali, ki nemi mahaifinki ya haɗa ki ta waya da dillali ɗaya ko biyu da mai sayen albasa, ki tambaye su kuɗin mota da na buhu da na masu ɗauka da abin da ke lalacewa a hanya. Ko hira biyu za su canza abin da kike da ikon faɗa a kan ciniki.

Kada ki jira ki gama duka kafin ki koma wurin malaminki. Ki gyara shafi ɗaya ta wannan hanya cikin makon nan, ki same shi a lokacin da yake ganin ɗalibai, ki gaishe shi, ki ce, "Malam, na sake wannan shafi, ina so ka duba mini ko awon ya yi kafin in bi sauran." Ki tafi da takardar hirarrakinki a hannu, domin idan ya ɗora yatsa a kan wata jimla ya tambaye ki su nawa ne, ki buɗe ki nuna masa.